Me ya sa mazhabobi huɗu suka saɓa? Misalin shafar kai a alwala

Imam Abu Hanifa (ya rasu shekara ta 150 bayan Hijira), Malik (179), Shafi'i (204) da Ahmad bn Hanbal (241) sun haɗu a kan cewa Alƙur'ani da Sunna su ne tushen hukunci. Saɓaninsu yana tasowa ne wajen fahimtar lafazi, ko auna ingancin hadisi, ko haɗa ruwayoyi biyu da suka zo da siffofi daban-daban. Shafar kai a alwala ta isa misali.

Aya ta 6 a Suratul Ma'ida ta yi umarni da shafar kai, kuma harafin "bi" ya zo manne da kalmar kai. A Larabci wannan harafi yana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. Malikawa da Hanbalawa sun fahimci cewa dukkan kai ake nufi, suka ƙarfafa haka da hadisin Abdullahi bn Zaid, wanda ya siffanta Annabi (SAW) yana shafa daga goshi zuwa ƙeya, sannan ya dawo. Shafi'awa sun ce harafin yana nufin wani sashe, don haka ko ɗan kaɗan aka shafa, farilla ta sauka. Hanafawa kuwa sun ƙayyade kashi ɗaya cikin huɗu, bisa hadisin Mugira bn Shu'uba da ya ambaci shafar makwarkwaɗa. Kowane ɓangare yana da hujja daga nassi, ba son rai ya bi ba.

To, me ke kan mutumin da bai kai matsayin ijtihadi ba? Malamai sun ce ya koyi ibadarsa wurin malami amintacce, ya tsaya a kanta. A ƙasar Hausa galibi fiƙihun Malikiyya ake karantawa, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Risala. Idan ya je aikin Hajji ya ga wani ya shafi gaban kansa kawai, ba shi da hurumin cewa mutumin ba shi da alwala, domin ba a hukunta mai bin ijtihadi karɓaɓɓe da ma'aunin wata mazhaba.

Abin da malamai da yawa suka hana shi ne tsintar sauƙi daga kowace mazhaba. Misali, mutum ya shafi 'yan gashi kaɗan a kan ra'ayin Shafi'i, sannan ya taɓa fatar matarsa, ya yi salla yana cewa Abu Hanifa bai ɗauki hakan abin da ke karya alwala ba. A wurin Shafi'i taɓawar ta karya alwalar. A wurin Abu Hanifa shafar ba ta cika ba tun farko. Babu ɗaya cikinsu da zai inganta wannan sallar.

Wanda ya shafi dukkan kansa kuwa ya fita daga saɓanin, domin mazhabobin huɗu duk sun yarda da ingancin wannan shafar.