Taurarin gwajin mota: yadda ake karanta su kafin a sayi motar iyali

Yawancin motocin da ke yawo a Gaya, ko sun biyo ta Kotonu ko ta Kamba, sun riga sun yi shekaru a Turai ko Amurka. Idan dillali ya ce maka "wannan mai tauraro biyar ce", kada ka yi saurin murna. Ka tambaye shi abu biyu: wace shekara aka gwada ta, kuma don kasuwar wace ƙasa aka ƙera ta?

Su dai taurarin nan makin jarrabawa ne. A Turai, hukumar Euro NCAP ce ke yin gwajin tun 1997. Ana zaunar da mutum-mutumi masu na'urori a cikin sabuwar mota, a buga ta da shinge, sannan a auna irin dukan da kai da ƙirji da ƙafafu suka sha. Shekaru da yawa ana yin karon gaba ne a gudun kilomita 64 cikin awa. Ku lura da wannan adadi, jama'a, domin a hanyar Gaya zuwa Dosso wa ke tsayawa a 64? Wanda ya kai 120, taurari ba su yi masa alkawarin komai ba.

Jarrabawar kuma tana ƙara tsanani. Kafin 2009, taurarin da ake talla da su na kariyar babban mutum ne kawai, na yara daban ake ba da su. Daga 2009 aka haɗa maki huɗu wuri guda: manya, yara, masu tafiya a ƙasa, da na'urorin hana haɗari. Saboda haka tauraro biyar na 2007 ba ɗaya ba ne da na 2020. Haka nan makin karon gaba tsakanin motoci masu nauyi kusan ɗaya ake kwatanta shi. Ƙaramar mota mai biyar, in ta yi gaba da gaba da babbar jif, ita ce za ta ji jiki.

Batun kasuwa kuwa ya fi ban tsoro. A 2018 ƙungiyar Global NCAP ta gwada Nissan NP300 Hardbody da ake sayarwa sabuwa a Afirka ta Kudu. Tana da jakar iska biyu a gaba, amma ba ta samu tauraro ko ɗaya ba a kariyar manya, don gangar jikinta ta lotse. A 2020 suka haɗa sabuwarta ta 2019 karo da tsohuwar Navara ta Turai, ƙirar 2015. Ɗakin direban tsohuwar ya tsaya, na sabuwar ya murƙushe. Ashe jakar iska ba ta da amfani in ƙarfen da ke kewaye da kai ya naɗe. To 'yan'uwa da ke waje masu aiko da mota gida, ku nemi sakamakon ainihin ƙirar da shekararta, kada ku tsaya ga suna.

A ganina, bayan ƙarfin jiki da bel mai aiki a kowace kujera, har da ta baya inda yara ke zama, abin da ya fi cancanta a biya kuɗi dominsa shi ne na'urar hana zamewa. Ana rubuta ta ESP ko ESC, Toyota kuma na ce mata VSC. Idan direba ya kauce wa saniya ko rami da sauri mota ta fara juyawa, na'urar kan taka birkin taya ɗaya da kanta ta maido da ita kan hanya. Amurka ta wajabta ta daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma ga duk sabuwar mota daga Nuwamba 2014. Wadda ta girmi haka sai an duba, wata na da ita, wata babu.

Sai dai duk wannan maki na motar da ba ta taɓa faɗuwa ba ne. Akwai waɗanda suka yi haɗari can, aka saye su a gwanjo, aka gyara fuska, aka rufe gurbin jakar iska ba komai ciki. Ga gwajin da ba ya cin ko dala: murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba. Fitilar SRS, ko hoton mutum da ƙwallo a gabansa, ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. In ta ƙi mutuwa, akwai matsala. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ne don a ɓoye laifi. Haka za ka duba ta ABS da ta hana zamewa. Sannan ka ja kowane bel da ƙarfi lokaci guda, ya kamata ya cije. In motar ta Amurka ce, a sa lambar jikinta mai haruffa da lambobi 17 a shafin nhtsa.gov/recalls, a ga ko tana cikin waɗanda aka kira don canza jakar iska ta kamfanin Takata, wadda zafi da laima ke lalatawa har ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe.