Guguwa a Cikin Agogo: Tarihin Turbiyon da Amfaninta a Yau

Dalilin wannan ɗan rubutu nawa wata gardama ce da ta taso a gidanmu a Dutse lokacin hutu. Yayana ne ya dawo daga kasuwar Shuwarin da wani agogon hannu mai 'yar taga a fuska, ana hango wata 'yar ƙafa tana ta kai da komo a ciki. Mai sayarwa ya ce masa wai turbiyon ke nan, kuma agogon da yake da ita ba ya ƙarya, shi kuwa ya zuba kuɗin buhun gero guda ya karɓa. Da musu ya ƙi ƙarewa sai muka ɗunguma wurin wani dattijo mai gyaran agogo. Ya kafa madubi a ido, ya yi shiru har minti guda, sa'an nan ya ce, "Samari, wannan taga ce kawai. Ita wadda kuke faɗa, gidan ƙafar dukkansa ne yake zagayawa." Daga nan na shiga bin diddigin abin.

Kalmar ta Faransanci ce, ma'anarta guguwa. Wanda ya ƙago ta shi ne Abraham-Louis Breguet, wanda aka haifa a Neuchâtel ta ƙasar Suwizalan a 1747, ya yi sana'arsa a birnin Faris har ya rasu a 1823. Ran 26 ga Yuni, 1801, hukumar Faransa ta ba shi takardar mallakar wannan fasaha ta tsawon shekara goma. Saboda wuyar aikin, 'yan gomomi kaɗan ya ƙera a rayuwarsa.

To, wace cuta ce ya nemi maganinta? Kowane agogon wani yana da wata 'yar ƙafa mai juyawa dama da hagu, ɗaure da siririyar waya kamar gashi wadda aka naɗe kamar gammo. Wannan kai da komo shi ne ma'aunin lokaci. Amma duk gwanintar maƙeri, sai an sami wani gefe na ƙafar ko na wayar ya ɗan fi wani nauyi. Idan agogo yana tsaye, ƙasa tana jan wannan gefe, sai agogon ya yi sauri ko ya yi nawa, gwargwadon inda nauyin ya fuskanta. Agogon zamanin Breguet kuwa na aljihu ne, irin wanda kakanninmu suke sakawa a aljihun gaban riga da 'yar sarƙa. Yini yake yi a tsaye, saboda haka kuskure iri ɗaya yake ta taruwa.

Dabarar Breguet ita ce, tun da ba a iya raba ƙafar da wannan aibi, to, a hana aibin zama wuri ɗaya. Sai ya ɗauki ƙafar da wayarta da ƙugiyar da take sakin haƙoran agogo ɗaya bayan ɗaya, ya zuba su cikin wani ɗan keji marar nauyi, kejin kuma yana zagayawa gaba ɗayansa, galibi sau ɗaya a minti.

Bari in kawo misali na ƙiyasi. A ce an gwada wani agogo a tsaye ta fuska huɗu. Idan lamba 12 ce a sama yana ƙara sakan 10 a yini, idan 3 ce yana ƙara 4, idan 6 ce yana rage 6, idan kuwa 9 ce yana tafiya daidai. Mai gyara ba shi da abin yi, domin in ya gyara wannan fuska ya ɓata waccan. Amma idan keji yana bi ta fuskokin nan duka a kowane minti, sai a haɗa su: 10 da 4 sun zama 14, a cire 6 saura 8, a raba huɗu ya zama 2. Wato duk yadda aka tsayar da agogon, sakan 2 zai ƙara a yini, kuma kuskuren da ba ya sauyawa mai sauƙin gyara ne. Ashe turbiyon ba ta kawar da jan ƙasa, raba kuskuren take yi daidai wa daida.

A nan ne kuma iyakarta take. Idan aka kwantar da agogo a kan tebur, kejin yana zagayawa ne a shimfiɗe, ba abin da yake daidaitawa. Haka nan bambancin da yake tsakanin gudun agogo a kwance da gudunsa a tsaye, turbiyon irin ta Breguet ba ta taɓa shi. Ba ta kuma maganin zafin bazara, ko maganaɗisu, ko bugu, ko bushewar mai. Bugu da ƙari, kejin yana cin ƙarfin wani, shi ya sa ake ƙera shi bai kai giram ɗaya ba.

Da agogo ya bar aljihu ya koma hannu a ƙarni na ashirin, sai hujjar ta raunana. Hannun mutum ba ya zama wuri ɗaya: ga alwala, ga rubutu, ga riƙon fartanya, ga tuƙin babur. Hannun da kansa ya zama guguwa, yana juya agogo ta kowace fuska, da dare kuma a kwantar da shi.

Duk da haka kada mu yi mata rashin adalci. A 1947 kamfanin Omega ya ƙera turbiyon goma sha biyu masu girman agogon hannu domin gasar auna lokaci, kejinsu yana zagayawa sau ɗaya a minti bakwai da rabi, kuma ɗaya ta kafa tarihi a gasar Jeniba ta 1950. A gasar garin Le Locle ta 2009, turbiyon ta kamfanin Jaeger-LeCoultre ce ta zo ta ɗaya da maki 909 cikin 1,000, a 2011 kuma ta Greubel Forsey da maki 915. Sai dai a lura, a irin wannan gasa kafe agogo ake yi a fuska ɗaya na tsawon kwanaki, wato an mayar da shi halin agogon aljihu, kuma gwanaye sun daɗe suna saita shi. Agogon wani marar turbiyon ma yana samun takardar shaidar Suwizalan, wadda sharaɗinta shi ne kada ya rage fiye da sakan 4 ko ya ƙara fiye da 6 a yini.

Abin da ya yanke gardamar shi ne agogon batir, wanda kamfanin Seiko na Japan ya fara sayar da na hannu a Disambar 1969. Na batir mai araha yau bai cika wuce kuskuren sakan 15 a wata ba, abin da na wani mai kyau zai iya yi a 'yan kwanaki. Abin mamaki, bayan wannan ne turbiyon ta yi kasuwa, musamman daga 1986 da Audemars Piguet ya fitar da ta hannu mai yi wa kanta wani. Ta koma shaidar gwanintar maƙeri, kamar aska takwas a jikin riga: ba ta ƙara wa riga ɗumi, amma tana nuna hannun maɗinki.

Daga ƙarshe, ga shawarata ga ɗan'uwa ɗalibi. In an miƙo maka agogo an ce turbiyon ne, zuba wa tagar ido na minti guda. In ƙafar tana kaɗawa a wuri ɗaya, taga ce kurum. In kuwa ita da gidanta suna zagayawa kamar hannun sakan, ta gaskiya ce, amma ado ka saya da tarihi. Yayana dai har yau yana ɗaura nasa, sai dai kowace safiya da labarun rediyo yake saita shi. Gani ya kori ji. Wassalam.