Cutar Ƙurar Dutse a Huhun Masu Sassaƙar Dutsen Niƙa a Ƙasar Kano da Takunkumin da Ya Dace da Su

Tsakure

Maƙalar ta waiwayi binciken asibiti na 1975 kan masu sassaƙar dutsen niƙa a ƙauyukan Kano, sannan ta auna iyakar kariyar da takunkumi ke bayarwa.

Gabatarwa

Dutsen niƙa tsohon kayan aiki ne a gidajen karkara irin na Dawakin Tofa, amma mai sassaƙa shi da huhunsa yake biya. Duk saran da ya kai wa dutsen yana tayar da ƙurar silika. Wadda ake gani tana maƙalewa a hanci da maƙogwaro. Mai illar ita ce wadda ido ba ya gani, domin tana kutsawa can ƙuryar huhu ta bar tabon da ba ya warkewa. Wannan ce cutar silikosis.

Abin da binciken ya gano

A 1975 mujallar Thorax ta buga aikin David Warrell da abokansa. Sun ɗauki hoton ƙirjin masassaƙa 126 daga ƙauyuka biyu kusa da Kano, suka tarar 49 na ɗauke da cutar, wato kusan kashi 39 cikin ɗari. A cikinsu, 17 tabon ya riga ya dunƙule ya ci wuri mai faɗi a huhu. Masu cutar sun fi sauran daɗewa a sana'ar, kuma kukan da suka fi yi shi ne haki idan sun ɗan yi aikin ƙarfi.

A fili suke aiki, iska na kaɗawa, amma hakan bai cece su ba.

Tattaunawa

Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare wannan ƙura, haka ma takunkumin asibiti, saboda iska na bi ta gefensa. Wanda ke aiki shi ne mai lambar N95 ko FFP2, ko FFP3 da ya fi su tacewa, muddin ya kama fuska tsam. Gwajin ba wuya: mutum ya rufe takunkumin da tafukansa ya fitar da numfashi da ƙarfi. In ya ji iska a idonsa ko kumatunsa, akwai kafa. Gemu ma yana hana shi zama, kuma wannan babban cikas ne a ƙasar Hausa.

Ko ya zauna daidai, yana da iyaka. A lissafin hukumar OSHA ta Amurka, N95 yana rage ƙurar da ake shaƙa zuwa kashi ɗaya cikin goma, kuma haddin da ta yanka shi ne maikurogiram 50 a kowace mita kubik ta iska cikin awa takwas. Idan ƙurar wurin aiki ta kai 1,000, mai takunkumin zai shaƙi 100, ninki biyu na haddin ke nan.

Kammalawa

Saboda haka jiƙa dutse da ruwa lokacin sara shi ne matakin farko, takunkumi ya biyo baya. Masassaƙin da tari ya ƙi sakinsa yana bukatar hoton ƙirji da gwajin majina, domin silikosis na buɗe wa tarin fuka ƙofa.