Fihirisar rumbun bayanai

Fihirisar rumbun bayanai wani tsari ne da ake ajiyewa kusa da teburin bayanai domin manhaja ta samo layin da ake nema ba tare da ta karanta teburin gaba ɗaya ba. Tana ɗauke da kwafin ƙimomin ginshiƙi ɗaya ko fiye, a jere bisa tsari, kuma kowace ƙima na tare da adireshin layin da ta fito daga ciki. Aikinta ya yi kama da fihirisar da ke ƙarshen littafi, inda ake jera kalmomi bisa haruffa tare da lambar shafi. Bambancin shi ne littafi ba ya canzawa bayan an buga shi, shi kuwa teburi kullum ana ƙara masa ana rage masa, kuma dole fihirisa ta bi kowane canji.

## Bishiyar B

Nau'in da aka fi amfani da shi shi ne bishiyar B, wadda Rudolf Bayer da Edward McCreight suka ƙirƙiro a ɗakin binciken kamfanin Boeing, aka buga takardarsu a shekarar 1972. Ita ce PostgreSQL ke ginawa idan ba a zaɓi wani nau'i ba. Bishiyar tana da shafi guda a sama da ake kira saiwa, sai shafukan tsakiya, sai ganyaye a ƙasa. Ganyayen ne ke riƙe da ƙimomi da adireshinsu. Shafukan sama aikinsu nuna hanya kawai, kamar kalmomin da ake rubutawa a saman shafin ƙamus. Duk ganyayen suna a zurfi ɗaya, saboda haka neman kowace ƙima yana cin matakai iri ɗaya.

## Dalilin saurin bincike

Rumbun bayanai ba ya karanta layi ɗaya-ɗaya daga faifai, shafi guda yake ɗaukowa. A PostgreSQL girman shafi kilobayit 8 ne, a injin InnoDB na MySQL kuma 16. Yawan shafukan da aka taɓa shi ne babban ma'aunin tsadar bincike.

A ɗauki misalin teburin ɗalibai mai layi 1,000,000, kowane layi kimanin bayit 200. Shafi ɗaya zai ɗauki layi 40, ke nan teburin ya kai shafi 25,000. Idan aka nemi ɗalibi da lambarsa babu fihirisa, manhaja za ta bi shafukan nan tana duba kowane layi. Sai aka gina fihirisa:

```sql
CREATE INDEX dalibai_lamba ON dalibai (lamba);
SELECT suna FROM dalibai WHERE lamba = 704215;
```

Lamba da adireshi ba su da girma, don haka a ƙaddara shafin fihirisa yana ɗaukar 300. Za a sami ganye kusan 3,334, shafukan tsakiya 12 a samansu, da saiwa ɗaya. Manhaja za ta karanta saiwa ta ga wane shafin tsakiya ne ya ƙunshi 704215, ta sauka can, ta sauka ganye, ta ɗauki adireshi, sannan ta buɗe shafin teburin da layin yake. Shafi huɗu ke nan maimakon 25,000. Ko da teburin ya ninka sau goma hawa ukun ba za su ƙaru ba, domin suna iya ɗaukar ƙima har miliyan 27. Da yake ƙimomin a jere suke, fihirisar tana kuma taimakawa wajen neman lambobi daga kaza zuwa kaza, da umarnin `ORDER BY`.

## Inda ba ta taimakawa

Samun fihirisa ba ya nufin za a yi amfani da ita. Manhaja tana ƙiyasta tsadar kowace hanya kafin ta zaɓa. Idan aka nemi duk ɗalibai mata, kuma su ne rabin teburin, kusan kowane shafi yana da su, don haka karanta teburin a jere ya fi tsalle-tsalle ta fihirisa sauƙi. Haka nan `LIKE '%sa'` ba ya cin moriyar bishiyar B, kamar yadda ƙamus ba ya nuna kalmomin da suka ƙare da "sa".

Fihirisa mai ginshiƙi biyu, misali jiha sannan suna, ana jera ta da jiha tukuna. Tana da amfani ga wanda ya san jihar, amma ga mai neman suna kaɗai amfaninta kaɗan ne. A ginshiƙin rubutu kuma jerin ya dogara da ƙa'idar jera haruffa da aka zaɓa, wadda ita ke yanke inda ɓ, ɗ da ƙ za su zauna. Idan ƙa'idar ta canza bayan sabunta tsarin kwamfuta, sai an sake gina fihirisar, in ba haka ba bincike na iya tsallake layin da yake nan.

Ana gane hanyar da manhaja ta zaɓa ta sa `EXPLAIN` a gaban tambayar. A PostgreSQL, `Seq Scan` na nufin karanta teburi duka, `Index Scan` kuma bin fihirisa.

## Tsadarta wajen rubutu

Kowace fihirisa wani kwafi ne da sai an gyara a duk lokacin da aka saka layi. Idan teburin ɗaliban yana da fihirisa biyar, rajistar ɗalibi ɗaya za ta taɓa shafin teburi ɗaya da ganye biyar, kowanne sai an sauko ta bishiyarsa kafin a same shi. Ƙari a kan haka, ana rubuta duk canje-canjen a kundin da ke kare bayanai idan wuta ta ɗauke.

Idan ganyen da ƙimar za ta shiga ya cika, ana raba shi biyu, a mayar da wani kaso sabon shafi, a sanar da shafin da ke sama. Idan shi ma ya cika, rabuwar ta haura. Lambobi masu ƙaruwa a jere ba su da wahala sosai, domin duk suna faɗawa ganyen ƙarshe, wanda ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Suna da lambar waya kuwa suna warwatsuwa ko'ina. Muddin fihirisoshin sun fi ƙarfin ƙwaƙwalwa, kowane sabon layi na iya jiran a ɗauko ganye daga faifai, kuma a nan ne jinkirin ke fitowa fili.

Gyaran layi a PostgreSQL ya fi haka tsada, saboda `UPDATE` yana rubuta sabon kwafin layin ne a wani wuri. Sabon wuri sabon adireshi ne, don haka duk fihirisoshin biyar na bukatar sabuwar shigarwa. Tun sigar 8.3 ta 2008 akwai dabarar HOT da ke kauce wa wannan, da sharaɗi biyu: kada gyaran ya taɓa ginshiƙi mai fihirisa, kuma a sami wuri a shafin da layin yake. Saboda haka ɗora fihirisa a kan ginshiƙin da ke yawan canzawa, kamar lokacin shiga na ƙarshe, yana jawo wa sauran fihirisoshin aikin da da ba su yi ba.

## Gano waɗanda ba a bukata

PostgreSQL yana ƙirga sau nawa aka bi kowace fihirisa:

```sql
SELECT indexrelname FROM pg_stat_user_indexes
WHERE idx_scan = 0;
```

Jerin da ya fito na waɗanda ba a taɓa ba ne tun lokacin da aka fara ƙirgen, kuma bai kamata a goge su ido rufe ba. Wata fihirisar aikinta hana maimaita lamba ne, wata kuma sai ƙarshen zangon karatu ake bukatarta wajen fitar da sakamako. Wadda aka fi samun sauƙin cirewa ita ce mai maimaita wata, kamar fihirisar jiha kaɗai alhali akwai ta jiha da suna. Wajen loda layuka masu yawa a sabon teburi, ya fi sauri a zuba bayanan tukuna sannan a gina fihirisa a tashi ɗaya. A teburin da ake kan amfani da shi, `CREATE INDEX` yana hana rubutu har ya gama, sai dai idan an ƙara `CONCURRENTLY`, wanda ke barin aiki ya ci gaba amma ya fi daɗewa.