Jinsin sunayen sana'o'i a fassara daga Turanci zuwa Italiyanci

A harshen Italiyanci kowane suna yana da jinsi, ko namiji ko mace, kuma mafayyacin da ke zuwa gabansa dole ya dace da shi. Yawancin sunayen sana'o'i na Turanci ba sa nuna jinsi, kuma mafayyacinsu ɗaya ne ga kowa. Saboda haka mai fassara jerin ma'aikata zuwa Italiyanci yana buƙatar wani bayani da jerin bai ba shi ba: mai riƙe da kowane muƙami namiji ne ko mace.

Inda jinsi yake bayyana

Wasu sunayen suna sauya ƙarshensu, kamar yadda Hausa ke da malami da malama. Mai dafa abinci shi ne cuoco, mace kuma cuoca. Sunayen da ke ƙarewa da -tore sukan koma -trice, shi ya sa darakta ke zama direttore ko direttrice.

Wasu kuwa ba sa sauyawa a tilo, sai dai mafayyaci ya nuna jinsin: ɗan jarida il giornalista, 'yar jarida la giornalista. Wannan ya yi kama da kalmar likita a Hausa, wadda sai an ce likitan ko likitar ake gane wa ake nufi. Bambancin shi ne Hausa tana ajiye jinsi a jam'i, Italiyanci kuwa yana riƙe da shi: i giornalisti, le giornaliste.

Sautin farkon suna ma yana da tasiri. Namiji yakan ɗauki il, amma ya koma lo gaban z, gn, ps, ko s mai bin baƙi a bayanta, kamar lo scrittore, marubuci. Gaban wasali kuwa, na namiji da na mace duka sukan koma l'.

Misali

A ɗauka wata makaranta a Kiru ko Tudun Wada ta rubuta jerin ma'aikatanta da Turanci, ana so a aika wa masu karanta Italiyanci. A ciki akwai teacher, nurse, driver da guard.

Ta farko fassararta insegnante. Da yake ta fara da wasali, l'insegnante ba ta nuna komai, kuma wannan yana yi wa mai fassara daɗi idan bai san mutumin ba. Amma da zarar an ce "wani malami" ko "wata malama", sai a rubuta un insegnante ga namiji, un'insegnante ga mace. A furuci ba su da bambanci. 'Yar alamar nan ta sama ce kaɗai ke raba su, don haka mantawa da ita ya isa ya mayar da malama malami. Haka direba yake: un autista da un'autista.

Ta biyu ba ta da maɓoya, domin ƙarshenta yana sauyawa: infermiere ko infermiera. Mai fassarar da ya zaɓi ta mace don yana ganin jinya aikin mata ce ya saka abin da babu shi a jerin.

Ta huɗu ta fi rikitarwa. Kalmar guardia mace ce a nahawu ko da mai gadin namiji ne, kuma abin da ya biyo ta yana bin nahawun: la guardia è arrivata, wato mai gadi ya iso. Wanda ya rubuta il guardia ya yi kuskure. Hanyar bincika jeri ita ce a duba kowane layi a ga ko mafayyaci, suna da sifa sun tafi a jinsi ɗaya.

Idan jerin na guraben aiki ne, ba na mutanen da aka sani ba, akan rubuta siga biyu, kamar infermiere/a. A jam'in da ya haɗa maza da mata, al'adar nahawu ita ce amfani da na namiji.

Manyan muƙamai

A nan nahawu kaɗai ba ya yanke hukunci. An daɗe ana kiran mace minista ko lauya da sigar namiji. A 1987 Alma Sabatini ta wallafa littafin Il sessismo nella lingua italiana, inda ta ba da shawarar amfani da sigogin mata, kuma cibiyar harshe ta Accademia della Crusca ta amince da irin su ministra da sindaca. Laura Boldrini, wadda ta shugabanci majalisar wakilai daga 2013, ta nemi a kira ta la presidente. Giorgia Meloni kuwa, da ta zama firaminista a Oktoban 2022, ta zaɓi il presidente. Duk kalma ɗaya ce, mafayyacin ne ya bambanta, kuma mai fassara yakan bi zaɓin mai muƙamin idan an san shi.