Sunan Gari a Kan Kwalba: Inda Ƙorafin Jabu ke Tsayawa a Kasuwannin Intanet

A ɗauka akwai wata ƙungiyar masu tace zuma a Tabanni da ke zuba ta a kwalabe, tana aikawa Kaduna da Zariya, tana tallata ta a Facebook da Instagram da sunan "Zumar Birnin Gwari". Da ciniki ya kankama, sai wani shafi ya ɓullo da sunan nan da hotunan nan, yana sayar da narkakken sukari a rabin kuɗi. Ƙungiyar ta danna maɓallin ƙorafi, abokai ma suka taya ta dannawa, shafin bai motsa ba. Me ya sa?

Dalili na farko shi ne, maɓallin da kowa ke gani daban yake da fom ɗin mai haƙƙi. Kamfanin Meta yana da fom na musamman na keta alamar kasuwanci da na kayan jabu, kuma mai alamar ko wakilinsa ne kaɗai ke da ikon cike shi. Ana tambayar sunan mai alama, ƙasar da aka yi rajista, lambar rajistar, da adireshin kowane talla ɗaya bayan ɗaya. Yawan masu ƙorafi ba ya maye gurbin wannan lamba.

A nan ne 'yan kasuwarmu da yawa ke tuntuɓe, domin sun ɗauka takardar CAC ta wadatar. Ita wannan rajistar sunan sana'a ce kawai. Alamar da ke jikin kaya kuwa a ofishin rajistar alamomi ake yi mata, a Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, bisa dokar 1965. Ana nema ne aji-aji: zuma da yaji suna aji na 30, kilishi na 29, turare na 3. Bayan an karɓi buƙata, sai a buga ta a mujallar ofishin, a ba masu ja wata biyu, sannan satifiket ya fito. Yana aiki shekara 7, a riƙa sabunta shi duk shekara 14. Wasiƙar amincewa da ake samu a tsakiyar hanya ba satifiket ba ce, ko da yake wasu dillalai suna miƙa ta kamar an gama.

Matsalar ƙungiyar Tabanni ta wuce rashin takarda. Dokar ba ta sakin hannu wajen mallaka wa mutum kalmar da asalinta sunan wuri ne, ko wadda ke bayyana kayan kai tsaye. "Zuma" kayan ne, "Birnin Gwari" wuri ne, kuma duk mai amya a wannan daji yana da gaskiyar faɗin inda zumarsa ta fito. A ganina hikimar dokar a fili take, sai dai tana nufin sunan da ya fi jan mai saye shi ne mafi wuyar karewa. Mafita ita ce a ƙirƙiri suna da tambari na kai, a yi musu rajista, sunan gari ya zauna a ƙasa a matsayin bayani.

Kafin satifiket ya fito akwai wata ƙofa. Hoton da ƙungiyar ta ɗauka da wayarta nata ne tun ranar da aka ɗauke shi, ba sai da rajista ba, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tanadi hanyar neman a sauke abin da aka sata a intanet. Ƙorafin satar hoto yakan fi sauƙin tabbatarwa: a nuna tallan asali da kwanan watansa, a nuna kwafin. Iyakarsa ita ce ɓarawon na iya ɗaukar nasa hoton ya ci gaba.

Da'awar jabu kuma tana son shaida ta zahiri. A sa wani ya sayi kwalba ɗaya, a adana hirar, shaidar tura kuɗi da lambar asusun, da takardar tasha, a ɗauki hoton shafin kafin a yi magana da mai shi. Sayen yana raba mai jabu da wanda ya sari zumar gaskiya yake sake sayarwa, domin shi na biyun ba jabu yake yi ba, ko da ya karya farashi. Ya kamata a sani kuma cewa Meta kan ba wanda aka kai ƙara sunan mai haƙƙi da imel ɗin mai ƙorafi. A garin da kowa ya san kowa, gara lauya ko imel ɗin ƙungiya ya tsaya a gaba.

Sauke talla ba ya taɓa kwalaben da ke shago, kuma cinikin da ya koma WhatsApp ya fita daga idon kamfani. Daga nan maganar ta koma hannun NAFDAC, tunda abinci ne, ko Babbar Kotun Tarayya idan alamar na da rajista. Wanda bai yi rajista ba, abin da ya rage masa shi ne ƙarar sojan gona, inda zai tabbatar da cewa masu saye sun san sunan da shi kuma an ruɗe su, da rasitai da shaidu na shekaru.