Kuɗin Diyyar Probo Koala da Matakai Huɗu na Ƙarar Sakaci

A watan Agusta na 2006 jirgin ruwan Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, ya sauke dagwalo mai guba a tashar Abidjan, motocin wani kamfani mai suna Tommy suka zubar da shi a Akouédo da wasu wurare cikin birnin. Asibitoci, har da babban asibitin koyarwa na Treichville, suka cika da masu amai da ciwon kai. Mutane kusan 30,000 suka kai ƙara Landan ta hannun lauyoyin Leigh Day, aka yi sulhu a Satumba 2009 kan fam miliyan 30, ba tare da Trafigura ya amsa laifi ba. Shari'ar da ta fi amfani ga ɗalibin lauya ita ce wadda ta biyo baya, ta Agouman da Leigh Day, wadda Mai shari'a Andrew Smith ya yanke a 2016.

Lauyoyin sun sa an zuba kuɗin gaba ɗaya a asusun bankin SGBCI a Abidjan. Wata ƙungiya da ta ce ita ce wakiliyar waɗanda abin ya shafa ta samu umarnin kotu na riƙe asusun a Oktoba 2009, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta ce a miƙa mata kuɗin a Janairu 2010. Daga ƙarshe mutum fiye da 6,000 ba su ga ko sisi ba. Ɗaya daga cikinsu, Agouman, ta maka lauyoyinta a kotun Ingila.

Matakin farko na ƙarar sakaci shi ne nauyin kulawa. A nan ɗalibai kan ɓata tawada suna jero tarihi tun daga shari'ar Donoghue ta 1932, alhali babu mai musun cewa lauya na ɗauke da nauyin wanda yake wakilta. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne iyakar nauyin: wane haɗari aka ɗora wa lauyan ya tsare? Wanda aka damƙa wa kuɗin mutane, an damƙa masa ne don kada su salwanta, kuma sata na cikin hanyoyin salwanta. Ra'ayina shi ne wannan jimla guda ita ke jan sauran matakan uku.

Na biyu, gazawa. Ana auna Leigh Day da ƙwararren lauya mai matsakaicin lura, da abin da aka sani a 2009 kafin ɓarnar ta auku. Ƙasar tana rabe tun rikicin 2002, kuɗin masu yawa ne, labarinsu ya bazu, kuma ajiye su a Turai a riƙa turowa kaɗan-kaɗan ba wani babban aiki ba ne. Girman haɗari a gefe ɗaya, sauƙin rigakafi a ɗayan. Alƙalin ya ga cewa ba a yi wannan awo yadda ya dace ba.

Na uku, sanadi, kuma kashi biyu ne. Kashin farko tambaya ce: da ba don gazawar ba, asarar za ta auku? Da kuɗin na waje, umarnin kotun Abidjan ba zai tarar da su duka a wuri ɗaya ba. Kashi na biyu ya fi wuya, domin lauyoyin ba su taɓa kuɗin kowa ba. Wasu ne suka shiga tsakani, har da hukuncin kotu. Galibi mugun aikin wani na yanke igiyar sanadi. Amma ba ya yanke ta idan shi ne ainihin abin da aka ɗora maka ka hana. A shari'ar Stansbie da Troman ta 1948, mai gyaran gida ya fita bai kulle ƙofa ba, ɓarawo ya shiga, kotu ta ce mai gyaran ya biya. Mai gadin shago a kasuwar Adjamé ba zai kare kansa da cewa ɓarayi ne suka yi ba shi ba.

Na huɗu, nisan ɓarna. Tun shari'ar Wagon Mound ta 1961, abin da ake nema shi ne a iya hango irin ɓarnar, ko da ba a hango hanyar da ta bi ba. Idan akwai kwantiragi tsakanin ɓangarorin, ma'aunin ya fi tsauri, kamar yadda kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ce a shari'ar Wellesley ta 2015. Irin ɓarnar a nan ita ce a wawure kuɗin ta hanyar zamba, abin da mai lura zai sa a rai. Mai ƙara ta yi nasara.

Da a kotun Abidjan aka kai ƙarar, tsarin amsar zai sauya. Dokar farar hula ta Côte d'Ivoire, a sashe na 1382 da 1383, tana neman laifi da ɓarna da alaƙa tsakaninsu, babu mataki na daban mai suna nauyin kulawa. Kuma tsarin da aka gada daga Faransa ba ya barin mai kwantiragi ya koma ga waɗannan sassa, don haka dole mai ƙarar ta bi ta ƙofar yarjejeniyarta da lauyoyin.